Babi na Shida: Makulli Biyu a Ƙofar Sito

Na taɓa zama a wani zaure a Gusau, a sulhun wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Wan direba ne a Jidda, shekararsa huɗu bai zo gida ba. Tun shekararsa ta biyu yake aiko da kuɗi duk kaka a saya masa masara a ajiye, kuma a lissafin da ke cikin wayarsa yana da buhu ɗari da ashirin. Da aka buɗe sito, buhu sittin da ɗaya aka ƙirga. Ƙanen bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai yana jero inda sauran suka tafi: goma an kai gida lokacin azumi, takwas an sayar da Inna ta kwanta asibiti, shida sun shiga kayan ɗakin ƙanwarsu, an ba wani kawunsu aron biyar zuwa kaka bai mayar ba, an jefa wasu cikin kuɗin da dangi suka haɗa don karɓo wani ɗan'uwa daga daji, ragowar kuma ƙwaro ya mayar da su gari.

Wan ya ce, “To me ya hana ka gaya mini?”

Ƙanen ya ce, “Yaya, Inna ce ta ce a ɗauko. Ni zan ce mata a'a?”

Ba wanda ya iya ba shi amsa a zauren nan, har da liman. Abin da na ɗauka daga zaman shi ne tushen wannan babi. Yawancin jarin da mutanenmu na waje ke aikowa gida ba ɓarawo ke cinye shi ba. Buƙatar gida ce ke cinye shi, buhu ɗaya yau, biyu gobe, ta hannun mutumin kirki da aka bari shi kaɗai da kuɗi da makulli da littafi, ba a kuma ba shi hanyar da zai ce a'a ba tare da ya zama ɗan da ya ƙi uwarsa ba. Saboda haka tsarin da zan bayyana ba na kama ɓarawo ba ne. Tsari ne da ke kare ƙanenka kamar yadda yake kare dukiyarka.

Na zaɓi cinikin hatsi ne domin shi ne abin da ɗan Zamfara ke fara tunani idan ya tara ɗan abin hannu a Riyad ko Dubai ko Agadas ko Landan. Ƙasar ta noma ce. Tsafe tana kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, Bunguɗu tana kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ita kuma Gusau tana tsakiya, tun 1996 da aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato take babban birnin jiha. Masara da dawa da gero da wake da waken suya suna fitowa daga ƙauyukan da ke kewaye, manyan motoci na kwasa zuwa Funtuwa da Dawanau ta Kano da Kudu. Hatsi kuma yana da wata fa'ida ga mai nisa wadda shagon tireda ko keke mai ƙafa uku ba su da ita: ana ƙirga shi. Ba za ka taɓa sanin fasinja nawa keke ya ɗauka jiya ba, amma buhu ko yana nan ko ba ya nan.

Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka aiko da ko sisi na jari, shi ne ka yanke wa gida nasu daban. Ka zauna ka lissafa abin da gidanku ke ci a shekara, ka sayi wannan hatsin da kuɗin da ba na kasuwanci ba, a kai shi gida a zuba a ɗakin ajiyar gida, makulli a hannun Inna ko wanda ta zaɓa. Ka kuma ware wani abu duk wata don magani da makaranta, ko da kaɗan ne, ya riƙa shiga wani asusu daban. Daga nan sai ka kira taron gida ta waya, Inna tana nan, babban kawu yana nan, ka faɗa da bakinka cewa abin da ke sito ba a taɓa shi sai da izininka, duk wanda wata lalura ta taso masa kai zai kira, ba ƙanenka ba. Wannan magana dole daga bakinka za ta fito, a gaban kowa. Idan ka bar ƙanenka ya isar da ita, ka ɗora masa kayan da wuyansa ba zai ɗauka ba. Idan kuwa abin da kake samu bai isa ka yi biyun nan tare ba, ciyar da gida da zuba jari, to lokacin zuba jari bai yi ba tukuna, domin jarin zai koma cefane ko ka so ko ba ka so ba.

Sai maganar matsayin ƙanen naka a cikin harkar, kuma nan ne zan daɗe, domin nan ne aka fi yin kuskure. Mutanenmu sukan ce, “Ga kuɗi ka juya, in Allah Ya kawo riba mu raba,” su ɗauka an gama magana. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira ƙiradi, kuma yana da dokokinsa a littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Muktasar. A jihar da ta kafa kotunan Shari'a tun shekarar 2000, akwai yiwuwar da waɗannan dokoki alƙali zai auna ku idan abu ya ɓaci, don haka gara ka san su tun yanzu.

A ƙiradi kai ne mai kuɗi, shi ne mai aiki. Rabon riba dole ya zama kaso sananne, kamar rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, ba adadin kuɗi ba, ba a cewa “za ka ba ni naira dubu ɗari biyu duk shekara.” Idan aka yi asara ba da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ba, asarar a kan kuɗinka take, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Ba ka da ikon gindaya masa sharaɗin cewa zai biya ka uwar kuɗi ko me ya faru. Wannan sharaɗi yana ɓata ƙiradin. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, wanda ya shafi mai nisa kai tsaye. A mazhabarmu ƙiradi yana tafiya ne da sakin hannu. Idan ka shardanta cewa ba zai saya ko ya sayar ba sai ya tuntuɓe ka, ko ka ɗora masa wani amintacce ya tsaya a kansa, to ka ɓata ƙiradin. Wato ba za ka haɗa biyu ba: ka ce abokin rabon riba ne, kuma ka riƙe linzaminsa daga Jidda.

Hanya ta biyu ita ce wakilci da lada. Ka ɗauke shi aiki, ka yanka masa albashi sananne na wata ko na kaka guda, ya saya da sunanka, ya sayar da umarninka. Riba duka taka ce, asara duka taka ce, shi kuma ladansa ba ya canzawa ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi. A nan kana da cikakken iko ka ce kada a sayar sai ka ce, ka sa wani ya riƙe makulli, ka sa a ƙirga duk lokacin da ka so. Shawarata ga duk wanda zai fara ita ce ya fara da wannan, aƙalla kaka biyu. Idan riba ta fito ka yi masa kyauta mai tsoka daga ranka. Bayan ka ga kamun ludayinsa, shi ma ya san kasuwa, sai ku koma ƙiradi ka sakar masa hannu. Na san wasu suna jin nauyin ce wa ɗan'uwa “albashi,” kamar an mayar da shi bara. Ni a ganina rashin biyansa ne ya fi muni. Mutumin da ya bar gonarsa ko ɗinkinsa yana yawon kasuwanni dominka wata shida, ba ka yanka masa komai ba, zai biya kansa da kansa, kuma a ransa ba zai ga ya yi laifi ba.

Duk wadda kuka zaɓa, a rubuta ta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, don haka ba wanda zai ce rubutu rashin yarda ne. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa: nawa aka bayar, ranar da aka bayar, me za a saya, ina za a ajiye, nawa ne lada, wa ke da ikon cewa a sayar, da kuma jimla ɗaya da ke cewa dukiyar ta wane ce shi kaɗai, ba ta gida ba ce. A kai wa malamin da ya san babin ciniki ya duba, shaidu biyu waɗanda ba sa cin gadonku su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, kai ma a turo maka hoto. Jimlar ƙarshen nan ba don kai ba ce, don matarka da 'ya'yanka ce. Mai rai mamaci ne, kuma sau da yawa idan mutum ya rasu a waje, abin da ya tara yakan narke cikin dukiyar gandu, marayu su rasa hujjar da za su nuna.

Ta ɓangaren hukuma aikin bai kai yadda ake tsoro ba. Ana yin rajistar sunan kasuwanci a shafin hukumar CAC ta intanet, kuma tun da aka yi sabuwar dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Abin da za ka tsaya a kai shi ne sunanka ya fito a matsayin mai shi. Idan don sauƙi aka yi rajista da sunan ƙanenka, to a idon doka kasuwancin nasa ne, haka ma takardar hayar sito ko ta sayen fili. Da takardar rajista za a buɗe asusun banki na kasuwanci. Ka nemi bankin ya tsara shi yadda kuɗi ba sa fita sai da amincewarka, ko dai ta sa hannun mutum biyu, ko ta manhajar da ɗaya ke shigar da biya ɗaya ke amincewa, kuma saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa imel ɗinka. Wanda ba shi da lambar BVN ba sai ya jira ya zo gida ba, domin a 2025 Babban Bankin Najeriya ya buɗe hanyar da mazauna waje za su same ta daga inda suke, ana kiranta NRBVN. Kada ka taɓa ba da katin cirar kuɗinka da lambar sirrinsa, kada kuma ka bar layin wayar da ke haɗe da asusunka a hannun wani a gida. Wanda ya riƙe layin ya riƙe asusun.

Yanzu mu shiga kasuwa da misali. Alƙaluman nan na misali ne kawai, kai za ka sa farashin ranar da kake saye. Mu ɗauka buhun masara mai tiya arba'in yana naira 40,000 a watan Nuwamba, kana son buhu 100. Kuɗin saye ya zama miliyan 4. Amma buhu ba ya tashi daga kasuwa ya shiga sito da kansa. Akwai la'adar dillali, da mai awo, da 'yan dako a lodi da saukewa, da kuɗin mota zuwa Gusau, da harajin kasuwa, da sabon buhun ajiya, da hayar sito ta wata bakwai, da ladan ƙanenka. A ce duk sun tashi 7,000 a kan kowane buhu. Abin da ka kashe ke nan 4,700,000. Kuma buhu 100 da ka zuba ba 100 za ka fitar ba, domin hatsi yana ƙara bushewa ya rage, wani ya zube, ɓera ya ɗauki rabonsa. A ce ka fitar da 97.

Idan a watan Yuni buhu ya kai 55,000, za ka karɓi 5,335,000, ribarka 635,000. Amma ka lura da abin da ke ɓoye a ciki: sai farashi ya wuce kusan 48,500 kafin ka ma mayar da kuɗinka. Mutumin da ya ji an ce masara ta tashi daga dubu arba'in zuwa arba'in da bakwai ya fara murna, alhali yana cikin asara. Wannan lamba, farashin da kuɗinka ke dawowa a kansa, ita ce ta farko da za a rubuta a littafi ranar da aka rufe sito.

Akwai kuma lissafi na biyu da ya shafi mai karɓar albashi da kuɗin waje shi kaɗai. A ce ranar da ka aiko riyal ɗaya yana naira 400, wato ka kashe riyal 11,750. Idan ranar sayarwa riyal ya koma 450, kuɗin da ka karɓa riyal 11,855 ne, ribarka ta wata bakwai riyal ɗari da 'yan kai. Wannan ba tatsuniya ba ce. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya ga “riba” a naira a wannan tsakani, ya sake lissafa ta da kuɗin da ya yi gumi a kansa. Idan niyyarka kuɗin su zauna a gida har ka dawo, lissafin naira da abin da take saye shi ya fi damunka. Idan kuwa bashi ka ci a can da riyal don ka zuba, to kada ka zuba.

Kasuwa kuma tana juyawa ƙasa. Mun saba da cewa hatsi yana araha da kaka ya yi tsada da bazara da damina, har wasu sun ɗauka doka ce. A Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi sosai a kasuwannin Arewa, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. A misalinmu, idan buhu ya sauka zuwa 35,000, asararka ta haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, kuma ba laifin ƙanenka a ciki. Shi ya sa nake cewa a yanke tun farko, a rubuce, cewa za a sayar kashi uku, misali a Maris da Mayu da Yuli, kada a kai tsohon hatsi bakin sabuwar kaka ana jiran tsadar da ba ta zo ba. Wannan ya kuma fi tsarki. Ajiyar kaka zuwa bazara ciniki ne halal, amma riƙe abinci a lokacin da mutane ke cikin yunwa ana jiran ya ƙara tsada, malamai sun hana shi, kuma a Fabrairu 2024 mun ga hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin Dawanau bisa wannan zargi.

To ina za a ajiye? A nan ba zan yi kwana-kwana ba: a cikin garin Gusau. Ana iya saye a Tsafe ko Bunguɗu ko Nahuce ko Kwatarkwashi, amma kada kaya su kwana a ƙauye, kada kuma a ajiye su a gidanku. Kowa ya san halin da yankin nan yake ciki, ya san yadda hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta sha fama da masu tare hanya, ya kuma san 'yan bindiga ba sa zuwa gida sai wani ya ba su labari. Gidan da aka ga mota ta sauke buhu ɗari a ƙofarsa, aka kuma san ɗansu yana Saudiyya, an rataya masa alama. Ran ƙanenka ya fi buhu dubu. Kada ya ɗauki tsabar kuɗi masu yawa zuwa kasuwa. A biya dillali ta banki bayan an yi awo an ɗinke, ɗan abin da ba makawa sai tsaba a cira wurin mai POS a cikin kasuwar. A saya kaɗan-kaɗan, buhu ashirin ko ashirin da biyar a kowace cin kasuwa, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Duk ranar da ya ce hanya ba daɗi, ba za shi ba, kada ka matsa masa daga ɗakinka mai sanyi. Kai ma ka kame bakinka, kada ka sa hoton sito a waya kowa ya gani.

A ƙofar siton a sa kwaɗo biyu. Makulli ɗaya a hannun ƙanenka, ɗaya a hannun wani dattijo da ba ya cikin gidanku, ba ya kuma jin nauyin Inna yadda ɗanta zai ji: tsohon malamin makaranta, ko abokinka na ƙuruciya da ke da sana'arsa, ko wani daga dangin matarka. Shi ma a yanka masa ɗan abu. Ba a buɗe ƙofa sai su biyun suna tsaye kuma kai ka sani. Amfanin wannan ga ƙanenka ya fi amfaninsa gare ka, domin ranar da kawu ya zo neman aron buhu biyar, yana da amsa ta gaskiya a bakinsa: “Kawu, makulli ɗaya gare ni, sai an kira Yaya.”

Yadda aka jera kaya a ciki shi ke nuna ko za ka iya dubawa daga nesa. Idan aka tula buhuna jikin bango har rufi, hoto ba zai gaya maka komai ba, domin ana iya zare na tsakiya a bar na gaba, ana kuma iya cika na baya da ɓuntu ko yashi. A shimfiɗa katako a ƙasa saboda danshi da gara, a bar tazara tsakanin buhu da bango yadda mutum zai zagaya, a jera layi-layi, biyar a kwance biyar a tsaye, kowane layi ashirin da biyar. A rubuta wa kowane buhu lamba da fenti, daga 1 zuwa 100, a littafi kuma a sa ranar sayensa da kasuwar da farashin. Sau ɗaya a wata, a ranar da kai ka zaɓa ba tare da dogon gargaɗi ba, a kira ka da bidiyo kai tsaye, ba hoton da aka ɗauka jiya ba. Mai wayar ya fara daga bakin titi, ka ga an buɗe kwaɗo biyun, ya zagaya kowane layi ta gaba da ta baya. Sai ka ambaci lamba biyu ko uku da ka ga dama, ka ce, “A sauko mini da 37 da 82.” A ɗora su a sikeli kana kallo, a kwance baki, ya cusa hannu har gwiwar hannu ya damƙo daga ciki ya buɗe tafinsa kusa da waya. Idan ka ga gari fari a tafin, ko ƙwaya mai huji, ƙwaro ya shiga, sai a fara sayar da wannan layin. Duk aikin bai wuce minti ashirin ba.

Ƙwaro da danshi kan cinye abin da ya fi na ɗan'uwa, don haka a tsaya a kansu tun ranar saye. Masarar farkon kaka takan zo da sauran ruwa a jikinta, ga nauyi ga araha, amma idan aka ɗinke ta haka za ta yi fumfuna. Abin da ake so danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin ɗari. Inda babu na'urar awo, a zuba ƙwayar a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri a girgiza a bari. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, a sake shanya ta. Don wake musamman, da masara ma, buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, ya fi duk wani magani. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowace daban, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu. Sharaɗinsa kada ya huje, don haka ba a soka masa ƙarfen da dillalai ke ɗebo samfur da shi, kuma idan an kwance don dubawa a mayar a ɗaure nan take. Ka hana a zuba wa hatsinka maganin feshi na ruwa. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma 'ya'yan mutane ne za su ci. Ƙwayar nan mai fitar da gas da ake jefawa a buhu tana kashe mutum, ba a amfani da ita a ɗakin da ke jikin inda ake kwana.

Akwai alamun da ke nuna abu ya fara karkacewa tun kafin buhu ya ɓace, kuma mai nisa ya kamata ya san su. Lissafi ya fara zuwa a dunƙule, “an kashe dubu ɗari biyu a hidima,” babu rabe-rabe. Ranar bidiyo ta zo sai a ce ba sabis, sau biyu a jere, alhali ana ganinsa a waya da dare. A ce ka tura kuɗi wani asusu daban saboda na kasuwanci “yana da matsala.” Mafi girmansu shi ne ka ce a sayar, a yi ta kawo maka dalilin da ya sa ya kamata a ƙara jira. Wanda kayansa ke nan cif ba ya tsoron ranar sayarwa. Idan ka ga biyu daga cikin waɗannan, kada ka yi faɗa ta waya, kada kuma ka kai ƙara wurin Inna tukuna. Ka dakatar da aiko da kuɗi, ka sa mai makulli na biyu a yi ƙirga, sannan ka kira ƙanenka ku biyu kawai ka tambaye shi abin da ya taso. Sau da yawa za ka tarar bashi ne ya ci ko lalura ce ta kama shi, kuma giɓin buhu biyar ana cike shi, na hamsin ne ke raba zumunci. Farashi kuma kada ka dogara da baki ɗaya. Ka sami lambar dillali ɗaya a Gusau da wani a Funtuwa ko Dawanau, ka riƙa tambaya da kanka.

Wani lokaci kuwa rashin sabis ɗin gaskiya ne. A Satumba 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, an kuma rufe kasuwannin mako-mako, mutane suna tafiya har Funtuwa don su yi kira ɗaya. A farkon 2023 kuma ƙarancin takardun naira ya tsayar da ciniki a ƙauyuka. Duk tsarin da ya dogara da wayarka kaɗai zai mutu a irin wannan rana. Saboda haka a takardarku a ƙara sakin layi guda: idan aka yi kwana goma sha huɗu ba a same ka ba, ba a sabon saye, ba a bayar da bashi, masu makulli biyu suna da izinin sayar da abin da ya fara lalacewa kawai, su zuba kuɗin a asusun kasuwanci, su rubuta a littafi su sa hannu tare.

Ranar sayarwa, mai saye ya biya kai tsaye cikin asusun kasuwanci, sai ka ga saƙon banki sannan a buɗe ƙofa a yi lodi. Ba a ba da hatsin mai nisa bashi, ko ga wa. Idan sito ya koma fanko a zauna a rufe lissafi a rana ɗaya, a biya kowa haƙƙinsa, ka tambayi malam yadda zakkar mai ajiya take, domin hukuncinta ya bambanta da na mai shago da ke juya kaya kullum.

Idan wannan kaka ce ta farko gare ka, kada ka fara da buhu ɗari ko da kana da kuɗinsu. Ka fara da ashirin da biyar, layi ɗaya, ka bi duk matakan nan a kansu har zuwa ranar da kuɗin sayarwa suka shiga asusu. Kuma kafin ka tura kuɗin buhun farko, ka kira Inna ka gaya mata nawa ka ware wa gida bana.